Karatun Kanun Gidaje A Takardar CSV

Sau da yawa a kan ɗora mana takardar ƙididdiga a kwamfuta, irin wadda sunanta ya ke ƙarewa da .csv, ba tare da wani bayani ba. Ita wannan takarda jadawali ce wadda aka raba gidajenta da waƙafi, layin farko kuwa shi ne kanun gidajen. To, ina so in nuna yadda na kan bi in gane ma'anar kan gida kadan ba a fassara shi ba, da kuma inda na kan tsaya.

Ga layi biyu da na tsara don misali, bisa fasalin kundin yanayi na kullum mai suna GSOD, wanda hukumar NOAA ta Amirka ta tattara. Mu ɗauka daga Sakkwato su ke.

```
DATE,TEMP,MAX,MIN,PRCP,FRSHTT
2021-04-12,91.4,104.0,78.8,0.00,000000
2021-08-15,77.0,86.0,71.6,99.99,010010
```

DATE ba wuya, shekara ce da wata da rana. Amma MAX cewa kurum ya yi "mafi yawa", bai faɗi mafi yawan mene ne ba. Sai in dubi maƙwabtansa. A kowane layi TEMP yana tsakanin MAX da MIN, don haka na ke zaton zafi ne: matsakaici, da mafi tsanani, da mafi sauƙi. Layi biyu ba su isa shaida ba. Sai na bi takardar duka na ga ko akwai ranar da ta karya wannan zato.

Saura ma'auni. Zafin digiri 104 a ma'aunin Salshiyas ya wuce na tafasasshen ruwa, ke nan ba shi ba ne. Sai in gwada Faranhait:

```
(104 - 32) * 5 / 9 = 40
```

Arba'in cikin Afrilu a Sakkwato, wannan kowa ya san haka bazara ta ke. Na Agusta kuma, 86, ya ba da 30, daidai da damina. Lissafi da sanin ƙasa sun haɗu, zato ya yi ƙarfi.

Yanzu ga ramin da ya fi cin mutane. PRCP ya yi kama da gajarta kalmar Turanci ta abin da ya zubo daga sama, kuma sifiri cikin Afrilu ya goyi bayan haka. To, 99.99 fa? Kadan inci ne, ya kai milimita 2,540 a yini guda, alhali ruwa mafi yawa da aka taɓa aunawa cikin awa 24 a duniya milimita 1,825 ne, a tsibirin Reunion, cikin 1966. Kadan milimita ne, yana yiwuwa, amma in ka ga 99.99 ɗin nan tana ta dawowa ba ƙari ba ragi, har cikin Janairu, ka san ba ruwa ba ne. Alama ce ta cewa ba a sami awo ba ran nan. Wanda ya tara ta cikin jimlar shekara, zai ba yara labarin ruwan Ɗufana. Wanda kuma ya mai da ita sifiri, ya ce ba a yi ruwa ba, shi ma ya faɗi abin da takarda ba ta faɗa ba. A bar gurbin a wofi.

FRSHTT kuwa harufa shida ne, lambobin ƙarƙashinsa ma shida, ba kome ciki sai 0 da 1. Wannan ya isa in yi zaton kowane harafi tambaya ce, amsarta i ko a'a. Amma T biyu ne, kuma H tana iya zama hazo ga mai tunanin hunturu. Nan na kan tsaya in nemi takardar bayanin kundin. Ita ta ce jerin shi ne: hazo mai raɓa, ruwa, dusar ƙanƙara, ƙanƙara, tsawa, guguwa. Watau 010010 ruwa ne da tsawa, ko da ya ke ba a sami awon ruwan ba. Ku lura, Excel ya kan share sifirin farko ya bar 10010, harufa su goce da lambobinsu. Ku buɗe takardar a Notepad tukuna ku ga ainihinta.

Takardar bayanin ce kuma ta tabbatar PRCP inci ne. Kada ku ɗauki wannan ku kai wani wuri, gama a ainihin takardun wani kundin na NOAA, GHCN-Daily, kan nan PRCP ɗaya bisa goma na milimita ya ke nufi, 254 can ita ce 1.00 nan.

Ni dai ba na sake sunan gida a takardar asali. Na kan buɗe wata dabam, in rubuta kowane kai da ma'anarsa da ma'auninsa da dalilina, sa'an nan in sa masa ɗaya cikin kalmomi uku: tabbas, zato, ko ban sani ba. Wanda ya ke kan zato, in na yi lissafi da shi, na kan faɗa a rahoto. Na ukun kuwa ba ya shiga lissafi sai na tambayi wanda ya ɗora takardar.