Amsoshin Tambayoyinku: An Rufe Mini Asusun Kirifto

Wani mai sauraronmu daga Zariya ya ce ya sayar da USDT, ya zo cire kuɗinsa sai ya tarar kamfanin musayar ya daskarar da asusunsa don tantance shi. Yana tambaya ko kuɗin sun salwanta.

Malam, kwantar da hankalinka. Dakatar da cire kuɗi ba ƙwace ba ne: dukiyarka tana nan, za ka gan ta a asusun, fitar da ita ne aka hana har a tabbatar kai ne mai ita. Dokokin yaƙi da halasta kuɗin haram ne suka wajabta wa kamfanonin wannan bincike.

Ɗaya daga cikin abubuwan da ke jawo shi a wajenmu shi ne saɓanin suna. A NIN kana Muhammad Sani, a banki kuma Sani Mamman, ko ka buɗe asusun da katin ƙanenka. Wani lokacin kuma wanda ya turo maka kuɗin ne ake zargi.

Shiga manhajar da kanka, ka tura hoton katin shaidarka mai kyau da bayanin asusun bankinka. Kada ka buɗe sabon asusu, domin zai ƙara zargi. Duk wanda ya biyo ka ta Telegram yana neman kuɗin buɗewa ko lambobin sirrinka, ɗan damfara ne, kada ka ba shi ko sisi.