KUƊIN BINCIKEN LISSAFI: DARASI DOMIN MA'AJI DA KWAMITI

'Yan'uwa, wannan darasi domin ƙananan ƙungiyoyin taimako ne a Nijeriya, irin masu lura da gwauraye ko marayu, waɗanda suka yi rajistar amintattu a Hukumar Rajistar Kamfanoni. Dokar kamfanoni ta 2020 ta umarci amintattun irin wannan ƙungiya su kai rahoto kowace shekara, tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba, tare da lissafin da odita ya bincika. Odita kuwa akanta ne na waje mai lasisi. Dattijon da ya iya lissafi a cikinku ba zai tsaya a madadinsa ba, kome amincinsa. Hukumar haraji kuma tana neman nata rahoto, ko da ba a bin ƙungiyar harajin riba.

Ga inda kwamiti da yawa sukan yi tuntuɓe. Ana binciken lissafin bana a baɗi ne, sa'ad da aka rufe littattafai. Saboda haka sukan manta da shi a kasafin bana, sai takardar biya ta iso a watan Maris ko Afrilu, akwati kuwa babu kome. Amma kuɗin nan nauyin bana ne, gama aikin bana ake bincikawa. Daga kuɗin bana ya kamata a keɓe shi.

Bari mu ɗauki misali. Adadin nan na koyarwa ne kawai. Ku tambayi farashin garinku. A ce wata ƙungiya tana samun naira 6,000,000 a shekara. Odita ya ce ladansa naira 250,000 ne. Ma'aji marar lura zai rubuta wannan kaɗai ya rufe littafi. Amma a kan ladan akwai harajin da ake ɗora wa sayen kaya da ayyuka, kashi 7.5 cikin ɗari, wato naira 18,750. Ma'aikatansa biyu za su zo su yi kwana uku, mota da masauki da abinci naira 60,000. Takardun banki da buga lissafin da ɗinke shi, naira 20,000. Kuɗin shigar da rahoto da ladan wanda zai shigar, naira 35,000. Duka ya kama naira 383,750. Da yake sai baɗi za a biya, farashi kuwa ba ya tsayawa wuri ɗaya, sai a ƙara wajen ushiri a kai, a ce naira 420,000. A raba wata goma sha biyu, ya zama naira 35,000 kowane wata. Ma'aji ya riƙa ajiye wannan dabam, kada a ranta shi domin taro ko gyaran rufi.

Yanzu sai mu tambaya, daga wane kuɗi za a cire? A ce cikin miliyan shidan nan, miliyan huɗu kyauta ce daga wani mai taimako, wanda ya ce a sayi hatsi da ita kaɗai. Ba ku da iko ku taɓa ta domin odita. Saura miliyan biyu ke nan. Kuɗin binciken da muke gani kamar kashi 7 cikin ɗari na dukan abin da ya shigo, ashe ya cinye fiye da kashi ɗaya cikin biyar na abin da kuke da iko a kansa. Maganin wannan tun ranar rubuta takardar neman taimako ake yinsa. Tun da kashi biyu cikin uku na kuɗin da za a bincika nasa ne, ku roƙi mai taimakon ya ɗauki kashi biyu cikin uku na nauyin, wato naira 280,000, a rubuta shi a layinsa. Ku tambaye shi kuma ko zai karɓi rahoton oditanku, gama waɗansu sukan nemi bincike na dabam a kan kyautarsu, wannan kuwa wani lada ne.

Abin da ya fi kumbura ladan odita shi ne littattafai marasa tsari. Lokacinsa yake sayar muku. In ya tarar da rasit a cikin buhu, ba lamba, ba kwanan wata, kwana uku za su zama bakwai. In kuwa babu littafi sam, sai ku ɗauki wani akanta ya shirya shi tukuna, domin ba daidai ba ne mutum ya bincika abin da shi da kansa ya rubuta. Akwai alamar da za ta faɗakar da ku tun da wuri. A ƙarshen kowane wata ma'aji ya gwada littafin kuɗinsa da takardar banki. In wata uku suka wuce ba su daidaita ba, ba kuwa wanda ya san dalili, ku sani naira 420,000 ba za ta isa ba.

Kafin odita ya soma aiki, ku karɓi wasiƙar yarjejeniya daga hannunsa. Ta faɗi ladan, da ko haraji da tafiya suna ciki, da ko shirya rahoton hukumar haraji yana ciki, da ranar da zai gama. Ƙungiyar da ta tsallake shekara biyu ko uku ba ta kai rahoto ba, ta lissafa kowace shekara da ladan bincikenta da tararta dabam, ta kuma tambayi hukumar yawan tarar kafin ta rubuta kasafi.