Tsara Maɓallin Tsayawar Gaggawa da Makunnan Iyaka a Hannun Mutum-mutumi

Tsakure

Wannan muƙala ta nazarci ƙa'ida guda da ake gina tsaron hannun mutum-mutumi a kanta, wato duk lalacewar da ta sami na'urar tsaro ta zama sanadin tsayawar injin. An bi ƙa'idar a kan maɓallin gaggawa, sannan aka kawo lissafin gurbin da ya dace a ɗaura makunnin iyaka.

1.0 Gabatarwa

Hannun mutum-mutumi ƙarfe ne mai gaɓoɓi, kowace gaɓa da injin da ke juya ta. Maɓallin gaggawa shi ne wanda mutum ke dannawa idan ya hango haɗari. Makunnin iyaka kuwa hannun ne da kansa ke taɓa shi idan gaɓa ta zarce inda aka yanke mata. Ma'aunin ISO 13850 ya tanadi maɓallin ya kasance ja, bayansa ruwan ɗorawa, ya kuma maƙale idan an danna shi har sai an sake shi da hannu.

2.0 Hanyar Wuta Mai Zama a Haɗe

Ana iya haɗa maɓalli ta yadda sai an danna shi wuta za ta bi waya ta kai saƙon tsayawa. Illar wannan ita ce, idan wayar ta tsinke babu mai sani, sai ranar da aka danna maɓallin hannun ya ci gaba da tafiya. Saboda haka ake amfani da bakin da aka rubuta wa NC, wanda ke zama a haɗe, wuta tana gudana a cikinsa koyaushe. Dannawa tana yanke wutar, tsinkewar waya ma tana yanke ta, kuma duka biyun tsayawa suke haifarwa.

Sai dai ƙarafan bakin na iya narkewa su manne. Maganin haka shi ne a ja hanya biyu daga maɓallin zuwa rile na tsaro, wato na'urar da ke katse wutar injinan. Idan hanya ɗaya ta yanke, ɗayar ba ta yanke ba, rilen zai tsayar da hannun, ya kuma ƙi barin a tayar da shi sai an gyara. Haka nan sakin maɓalli ba ya tayar da inji; tayarwa umarni ne na daban.

3.0 Yanayin Tsayawa

Ma'aunin IEC 60204-1 ya kasa tsayawa gida uku, amma biyu kaɗai aka amince da su a gaggawa. A rukuni na 0 ana katse wuta nan take. A rukuni na 1 injin ke rage gudu da ƙarfinsa, sannan a katse wutar. Kowanne aka zaɓa, hannun da aka ɗauke wa wuta zai iya rikitowa saboda nauyinsa. Don haka ake sa wa gaɓoɓi birkin da sifirin ke matsewa, wuta ce ke sakin sa, ta yadda ɗaukewarta ke sa ya kama.

4.0 Lissafin Gurbin Makunnin Iyaka

A ƙaddara gaɓa tana juyawa digiri 90 a daƙiƙa, kuma tokaren ƙarfenta yana kan digiri 170. Idan daga taɓa makunni zuwa kamawar birki ana ɗaukar daƙiƙa 0.1, gaɓar ta ƙara digiri 9 ke nan kafin ta fara rage gudu. Idan birkin na buƙatar daƙiƙa 0.2, yana rage gudun daidai-wa-daida, matsakaicin gudun digiri 45 ne a daƙiƙa, wato ƙarin digiri 9. Jimilla digiri 18, wanda a ƙarshen hannu mai tsawon mita ɗaya ya kai kimanin santimita 31.

Ke nan makunnin da aka ɗaura bayan digiri 152 ba zai hana karo da tokare ba. Idan aka bar rarar digiri 5 saboda cinyewar birki, gurbinsa digiri 147 ne. Iyakar da ake rubutawa a manhaja sai ta zo kafin nan, misali digiri 140, domin kada aikin yau da kullum ya riƙa taɓa makunnin.

5.0 Kammalawa

Lissafi ba ya wadatarwa sai an gwada da cikakken kaya, da cikakken gudu, hannun kuma a miƙe, domin a nan tazarar tsayawa ta fi tsawo. Daga nan a kashe wuta, a cire waya ɗaya daga hanyoyin biyu, a yi ƙoƙarin tayar da injin. Idan ya tashi, tsarin bai inganta ba, kuma bai kamata ma'aikaci ya kusanci hannun ba sai an gyara.