Da'irar ciki da da'irar waje: yadda ake fitar da radiyos daga tsawon gefunan alwatika

Ni malamin lissafi ne a babbar sakandare, kuma duk lokacin da nake duba takardun ɗalibai masu shirin WAEC da NECO, akwai tambaya guda da ke cinye musu maki ba gaira ba dalili. Za a ba su tsawon gefe uku na alwatika, a ce su nemo radiyos na da'irar ciki ko na da'irar waje. Da yawa sukan tsaya suna neman kusurwa, alhali gefunan ukun sun isa.

Mu fara da bambance su. Da'irar ciki tana zaune ne cikin alwatikar, tana taɓa kowane gefe a wuri ɗaya, kuma cibiyarta ita ce mahaɗar layukan da suka raba kowace kusurwa gida biyu. Da'irar waje kuwa ta kan tsinin alwatikar uku take bi, cibiyarta kuma ita ce mahaɗar layukan da suka tashi a miƙe daga tsakiyar kowane gefe. Radiyos na ta ciki ana rubuta shi r, na ta waje R.

Mabuɗin duka biyun shi ne girman filin alwatikar. A ce gefunan a, b da c su ne santimita 13, 14 da 15. Ka haɗa su, ka sami kewaye 42, ka raba biyu, ka sami s = 21. Daga nan sai ƙa'idar Heron, masanin da ya rayu a Iskandariya ta Masar a ƙarni na 1 Miladiyya:

A = √(s(s − a)(s − b)(s − c))

Idan ka cire kowane gefe daga 21 za ka sami 8, 7 da 6. Ninka 21 × 8 × 7 × 6 ya ba da 7056, kuma lambar da za a ninka ta da kanta a sami 7056 ita ce 84. To, fili ya fito: A = 84.

Radiyos na da'irar ciki shi ne r = A / s, wato 84 a raba da 21, santimita 4 ke nan. Ba na barin ɗalibi ya haddace wannan sai ya ga dalilinsa a allo. Ka ja layi daga cibiyar da'irar zuwa kowane tsini, sai alwatikar ta rabu zuwa ƙananan alwatika uku. Kowacce gindinta gefe ɗaya ne, tsayinta kuwa r ne, domin radiyos yana sauka a miƙe kan gefen da da'irar ta taɓa. Filin kowacce rabin gindi ne sau r. Idan ka tara ukun, ka sami rabin kewaye sau r, wato A = rs. Wanda ya ga wannan ba zai raba 84 da 42 ya rubuto mini 2 ba, kuskuren da na fi cin karo da shi.

Na da'irar waje shi ne R = abc / 4A. A sama, 13 × 14 × 15 ya ba da 2730. A ƙasa, 4 × 84 ya ba da 336. Amsa ita ce santimita 8.125. A nan 4 ɗin ake mantawa, sai ɗalibi ya sami 32.5. Da ya ɗauki rula da kamfas ya zana alwatikar, da ya ga buɗin kamfas na santimita takwas da ɗoriya ne ke bi ta kan tsini ukun.

Akwai gwaji biyu da nake sa su yi kafin su miƙa takarda. Na farko, R ba ya taɓa gazawa ninkin r biyu, kuma alwatika mai gefuna daidai wa daida ce kaɗai ke ba da R = 2r cif. A misalinmu 8.125 ya ɗara 8 kaɗan, domin gefunan sun kusa zama ɗaya. Wanda ya musanya ƙa'idojin biyu, nan take wannan gwaji zai kama shi. Na biyu, idan cire wani gefe daga s ya ba da sifili ko ƙasa da haka, ka dakata: jimillar gefe biyu ba ta fi na ukun tsawo ba, saboda haka babu alwatikar ma, ko kuma ka yi kuskuren tarawa.

Wani abin da ke ruɗa ɗalibai wajen zane shi ne mazaunin cibiya. Ta da'irar ciki kullum tana ciki. Ta da'irar waje takan fita waje idan wata kusurwa ta wuce digiri 90, kuma wannan ba kuskure ba ne. Idan kusurwar digiri 90 ce daidai, cibiyar tana tsakiyar gefe mafi tsawo, don haka R rabinsa ne. Ku gwada da 3, 4, 5: ya kamata ku sami s = 6, A = 6, r = 1, R = 2.5.