Shin Musuluntar Sarki Ita Ce Musuluntar Ƙasa? Tsarin Amsar Jarrabawa a kan Yaji na Kano

Akwai wata tambaya da malaman tarihi ba su gajiya da kawowa a jarrabawa: shin shigar Sarki Kwanstantin addinin Kirista a shekarar 312 ta canza addinin Daular Rum a haƙiƙa? A ƙasar Hausa tambayar tana da takwararta: shin musuluntar Sarkin Kano Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385 bisa lissafin da aka saba, ta canza addinin Kanawa? Ɗalibin da ya amsa da "i" ko "a'a", sa'an nan ya shiga zayyana tarihin sarki, ya yi asarar maki, domin nauyin tambayar duka yana kan kalmar "haƙiƙa".

Gabatarwa

Aikin gabatarwa shi ne warware tambayar. Addinin wa ake nufi, na fada, na birni ko na karkara? Kuma da me ake auna canji? Ma'auni mafi dacewa shi ne a duba ko sarkin da ya biyo baya zai iya mayar da al'amari yadda yake a da. Idan zai iya, to canjin bai yi saiwa ba tukuna. Daga nan sai ɗalibi ya bayyana matsayinsa a jimla ɗaya: Yaji ya canza addinin fada a zamaninsa, amma canjin addinin jama'a ya ɗauki ƙarnuka, kuma ba sarakuna kaɗai suka kawo shi ba.

Sashe na farko: abin da ya canza

Littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, ya ce Wangarawa sun zo daga Mali a zamanin Yaji ƙarƙashin jagorancin Abdurrahman Zaite. Sarki ya karɓi salla, ya naɗa liman da ladan da alƙali da mai yanka, aka kuma gina masallaci a ƙarƙashin itacen da ake girmamawa. Bai kamata a tsaya ga jera waɗannan ba, sai an faɗi ma'anarsu. Muƙamai ne da ba su mutuwa da mutuwar sarki, kuma mai yanka ya shigar da sabon addini har cikin tukunyar fada. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi ga mai cewa an samu canji.

Sashe na biyu: abin da bai canza ba

Littafin nan dai ya ba da labarin masu adawa da suka riƙa ƙazantar da masallacin da dare. Ya kuma ce Kanajeji, ɗan Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, da yaƙin Zazzau ya gagare shi sai ya koma ga tsafin kakanninsa domin neman nasara. Itacen kuwa ya ci gaba da tsayuwa har zamanin Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, lokacin da aka sare shi, a zamanin da Shehu Magili ya zo Kano. Wato fiye da shekara saba'in bayan rasuwar Yaji. Ko bayan haka akwai Dirki, wanda aka ce Alƙur'ani ne da aka naɗe cikin fatu ana yi masa yanka, har zuwa zamanin Alwali, sarkin da jihadi ya tarar. Dirki misali ne mai daraja a amsa, domin ya nuna tsohuwar al'ada ba gushewa ta yi ba, sabuwar riga ta sanya.

A nan ne kwatance da Rum yake da amfani, muddin bai wuce layi huɗu ko biyar ba. Kwanstantin ya ci gaba da riƙe muƙamin babban limamin tsohon addini har mutuwarsa a 337. Juliyan, wanda ya yi mulki daga 361 zuwa 363, ya yi ƙoƙarin dawo da bautar gumaka, kamar yadda Kanajeji ya juya. Sai a 391 da 392 Tiyodosiyus ya haramta yanka ga gumaka, kusan shekara tamanin bayan tubar Kwanstantin.

Sashe na uku: shaidar harshe

Wannan ne filin da ɗalibin kimiyyar harshe zai fi takwarorinsa. Kalmomi irin su alƙali, alƙalami, liman, ladan, lahira da littafi duk daga Larabci suke, kuma sun shigo da harafin ma'arifa manne a jikinsu, wani lokaci cikakke, wani lokaci ya rage saura "l". Masanin harshe Girinbag ya kawo hujja a 1960 cewa karatu da rubutu, ko da yake akwai tasirin Larabci a fannin, ta hanyar Barebari suka iso Hausa. Idan haka ne, to ilmin addini ya shigo ta ƙofar gabas, daga Barno, ba ta hannun Wangarawan Yaji kaɗai ba, kuma labarin sarki ɗaya ba zai wadatar ba.

Sai dai wannan shaida tana da iyaka, kuma faɗin iyakar yana ƙara maki. Aron kalma ba ya zuwa da kwanan wata, kuma ba ya tabbatar da imani. Maguzawan ƙasar Kano, waɗanda Girinbag ya yi nazarinsu a littafinsa na 1946, suna kiran Allah da wannan suna, alhali suna ci gaba da yi wa iskoki yanka. Kalma takan riga aƙida isa ƙauye.

Sashe na huɗu: auna madogara

Tarihin Kano, a siffar da ya iso yau, an kammala shi ne a ƙarshen ƙarni na 19, shekara ɗari biyar bayan Yaji. Wani rubutun kuma, mai bayanin asalin Wangarawa, ya sanya zuwan Zaite a zamanin Rumfa. Amsar da ta ambaci wannan saɓani ta nuna mai ita ya san bambancin riwaya da hujja.

Kammalawa

Kammalawa ta koma ga ma'aunin da aka kafa tun farko, tare da misali ɗaya na kusa. Ɗalibin da ya fito daga Dakoro yana da shi a ƙofar gida, domin Birnin Lalle tsohuwar hedikwatar Gobir ce. Sarakunan Gobir Musulmi ne tun kafin jihadin 1804, amma Inna tana shugabantar bori a fada, kamar yadda Iya take yi a Maradi. A ƙarshen ƙarni na 18 kuma Sarki Nafata ya yi dokar hana wanda bai gaji Musulunci ba ya shige shi, ya hana rawani da lulluɓi, amma dokar ba ta tsayar da jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ba. A zamanin Kanajeji fada tana iya juyawa ba tare da ta rasa gadonta ba. A zamanin Nafata sarki ya yi umarni, malamai da almajirai da talakawa suka ƙi juyawa, har Alƙalawa ta faɗi a 1808. Tazarar da ke tsakanin waɗannan sarakuna biyu, kimanin shekara ɗari huɗu, ita ce amsar da mai gyaran takarda yake nema.