Ku Karanta Ƙyallen Wuyan Riga Kafin Ta Shiga Ruwa

'Ya'yana, maza da mata: Na lura da yawanku kan sayo riga mai tsada, ko a kanti ko wajen 'yan gwanjo na Ƙofar Wambai, kuma abin da za ku fara yi shi ne ku sa reza ku cire ɗan farin ƙyallen nan da ke wuyanta ko cikin ɗinkin gefenta, don yana sosa ku. Ku daina gaggawar cire shi. Wanda ya saƙa yadin ya san abin da zai iya jurewa, kuma a wannan ƙyalle ya bar muku wasiyya.

Alamomin guda biyar ne, kuma a kan kayan Turai a jere suke zuwa daga hagu zuwa dama: baho na wanki, mai kusurwa uku na bilic, mai kusurwa huɗu na shanya, dutsen guga, sai da'ira ta masu wankin kamfani. Wata ƙungiya mai suna GINETEX, wadda aka kafa a Faris a 1963, ita ta tsara su, don mai riga ya gane ko da bai iya harshen ƙasar da aka ɗinka ta ba. Ƙa'ida biyu za ku fara riƙewa. Duk alamar da aka soke da gicciye, hani ce. Sa'annan lambar da kuka gani iyaka ce, ba umarni ba. Idan an rubuta 40 a cikin baho, ruwan da bai kai haka zafi ba babu laifi, wanda ya wuce shi ne matsala.

Na san ba kowa ke da injin wanki ba, balle ma'aunin zafi, to hannunku ya isa. Zafin jikin mutum wajen 37 ne a ma'aunin salshiyas. Saboda haka ruwa mai 30 za ku ji shi da ɗan sanyi-sanyi, mai 40 ɗumi ne irin na wankan jariri, mai 60 kuwa hannu ba ya iya zama a cikinsa. A kan kayan Amurka za ku iya tarar da ɗigo a maimakon lamba: ɗigo ɗaya 30, biyu 40, uku 50. Idan akwai layi a ƙarƙashin bahon, ana nufin a bi rigar a hankali, kada a dirje ta; layi biyu kuma lallaɓawa ce sosai.

Bari mu ɗauki riga guda mu karanta ta daga farko har ƙarshe. A ce hunturu ya kama, kin sayo wa ƙaninki suwaita. A ƙyallenta an rubuta "100% Wool", ko "Laine" in daga Faransa ta fito, wato ulu ce zalla, gashin tumaki. Alama ta farko baho ne da hannu a ciki, kusa da shi an rubuta "Hand wash cold". Alamar ta ce da hannu za a wanke, rubutun ya ƙara da cewa ruwan sanyi. Shi ya sa nake so ku riƙa haɗa su biyun, domin sau da yawa rubutu kan cike abin da alama ta bari.

Dalilin wannan sharaɗi yana cikin zaren kansa. Kowane silin ulu yana da ƙananan ɓawo a jikinsa. Idan ruwan zafi da sabulu mai ƙarfi da cuɗa suka haɗu a kansa, sai ɓawon ya buɗe, silin ya kama ɗan'uwansa kamar yadda ƙarangiya ke kama gezar zane. Nan take suwaitar za ta tsuke, ta yi kauri, saƙarta ta dunƙule har ba a ganin idonta. In ta kai haka, babu ja ko guga da zai mayar da ita yadda take. Don haka ki narkar da sabulu kaɗan mai laushi a ruwan randa, ki tsoma ta 'yan mintuna, kina danna ta da tafin hannu, ki ɗauraye da ruwa irin na farko.

Alama ta biyu mai kusurwa uku ce da gicciye, an rubuta "Do not bleach". Bilic mai sinadarin kulorin, wanda muke zuba wa fararen kaya, cin ulu da siliki yake yi. Yakan fara mayar da su rawaya, daga baya zaren ya ruɓe. Idan kuka ga wannan alama fayau babu komai a ciki, kowane bilic ya halatta. Idan akwai layi biyu a karkace cikinta, ba a yarda da mai kulorin ba, sai mai sauƙin nan na iskar oksijin.

Ta uku mai kusurwa huɗu ce da layi ɗaya kwance a tsakiya, an rubuta "Dry flat", wato a shanya a kwance. Jiƙaƙƙen ulu nauyi gare shi, in aka rataya shi a igiya ko hanga sai kafaɗu su zazzago, hannuwa su yi tsawo. Kada ki murɗe ta. Ki shimfiɗa tawul, ki naɗe ta a ciki, ki danna ruwan ya fita, sa'annan ki baza ta bisa tabarma ki daidaita siffarta. Da layin a tsaye yake, da igiya aka nufa. Ɗan layi a karkace a kusurwar sama kuwa inuwa ake nufi, kuma ranar ƙasarmu ta isa ta koɗar da baƙar riga tun ba ta tsufa ba.

Ta huɗu dutsen guga ne da ɗigo biyu. Ɗigo ɗaya zafi kaɗan ne, wajen 110, na nailan da irinsa; biyu matsakaici, wajen 150, na ulu da foliyesta; uku mai zafi, wajen 200, na auduga da lilin. Dutsen lantarki yana da waɗannan ɗigo a jikin majuyinsa. Na gawayi ba shi da su, don haka a bar shi ya ɗan huce, a gwada a bakin rigar ta ciki, a kuma ɗora ƙyallen auduga mai ɗan laima a tsakani. In kun ga wurin ya fara sheƙi, ko dutsen yana manne wa yadi, zafi ya yi yawa, a ɗage nan da nan.

Ta ƙarshe ita ce aka fi ruɗewa a kanta. Da'ira a cikin mai kusurwa huɗu injin busarwa ce, da'ira ita kaɗai kuma wankin kamfani ne, inda ake amfani da sinadari a maimakon ruwa. Harafin P ko F da ke ciki ba naku ba ne, saƙo ne ga mai wankin game da sinadarin da zai zaɓa. Idan kwat ta zo da baho a soke, ga kuma "Dry clean only", to kada ruwa ya taɓa ta, domin shafin da ke cikin ƙirjinta kan kumbura ya yi ƙuraje, ta rasa tsayuwarta.

In ƙyallen ya dame ku ƙwarai, ku ɗauki hotonsa a waya kafin ku yanke. In kuma na gwanjo ne da ya goge, ku ɗauki hanya mafi sauƙi ga yadin: ruwan sanyi, babu bilic, shanya a inuwa, guga mara zafi. Don gwada launinta, ku jiƙa ɗan lungu ku danna da farin ƙyalle. In launi ya fito, rigar tana zuba, sai a wanke ta ita kaɗai. Wanda kuma zai kai wanki ga wanki-da-guga, ya nuna masa ƙyallen ya yi masa bayani, kada ya bari sai ɓarna ta auku a zo ana rigima.

Sutura rufin asiri ce, kuma da gumin iyayenku ko naku aka saye ta. Ku koya wa ƙannenku waɗannan alamomi biyar tun suna fara wanki. Allah ya suturta mu duniya da lahira.