Shaihu Umar: Daga Littafi Zuwa Fim

Ana yawan cewa fim yanke labarin littafi yake yi. Ba kullum ba ne. Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934, ɗan ƙarami ne, ana iya karance shi a yini guda. Amma fim ɗinsa, wanda Adamu Halilu ya ba da umarni a 1976, ya kai minti 142. Kafin nan, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mayar da labarin wasan kwaikwayo, wanda aka buga a 1975. Ke nan sau biyu labarin ya sake riga.

Me ya sa ya ƙara tsawo? Dalili shi ne marubuci faɗa yake yi, mai fim kuwa sai ya nuna. Ku ɗauki korar Makau, mijin mahaifiyar Umar, wanda fadawa suka yi wa sharrin ɓoye bayi. A takarda, 'yan shafuka sun wadatar. A fim sai an samu fada, da sarki, da tufafin zamanin, sannan kowane bafade ya yi magana da bakinsa. Haka ma shekaru: jimla ɗaya tana iya mayar da yaro saurayi, amma kyamara sai an kawo mata wani ɗan wasa.

To, me aka rasa? Fim ɗin ya fara kamar littafin, almajirai suna tambayar malaminsu asalinsa. Sai dai a littafi muryar Shaihu ba ta rabuwa da mu. Shi ne yake ba mu labarin satarsa, da zamansa wurin Abdulkarim a ƙasar Masar, har da wahalar mahaifiyarsa da ta fita nemansa aka bautar da ita. Duk muna jin su ne cikin natsuwar dattijon da ya riga ya karɓi ƙaddara. Da zarar hoto ya karɓi labarin, idonmu ne shaida, natsuwar nan sai ta ragu. Mun kuma rasa Umar ɗin da kowa ya zana a zuciyarsa, domin yanzu fuska ɗaya aka ba mu duka. Ribarmu ita ce ganin bauta ido da ido, abin da ya fi ji tsoratarwa.

In za ku gwada, ku zaɓi fage ɗaya kawai. Ku raba takarda gida uku: abin da littafi ya faɗa, abin da fim ya nuna, da dalilin bambancin. Gida na uku shi ne nazarin. Wanda ya rubuta "littafi ya fi daɗi" ya tsaya, ra'ayi ya bayar, bai kwatanta komai ba.